Kwalba Ɗaya, Gishiri Biyu: Yadda Gwaje-gwaje Suka Saɓa wa Juna a Hannun Wata Ɗaliba

A darasin kimiyyar sinadarai akwai wani aiki da kusan kowane ɗalibi yake gamuwa da shi, tun daga sakandare har jami'a. Ana miƙa masa ƙaramar kwalba mai ɗauke da wani gari, ba suna a jikinta sai lamba, a ce ya gano ko mene ne a ciki. Ba a yarda ya ɗanɗana ba, kuma ba shi da wata babbar na'ura. Kayan aikinsa su ne ruwa, da wuta, da 'yan kwalaben gwaji, da wasu sanannun sinadarai da ake ɗigawa a kan garin a ga abin da zai faru.

Aikin ya ginu ne a kan ƙa'ida guda. A wajen masana sinadarai, gishiri ba na miya kaɗai ba ne, suna ne na babban rukuni na sinadarai, kuma kowane gishiri na yau da kullum yana da ɓangare biyu: ɓangaren ƙarfe da ɓangaren da ya fito daga asid. Gishirin miya, wanda ake rubutawa NaCl, haɗin sodiyam ne da kulorayid. Farin dutsen da ake yin siminti da shi, wato CaCO₃, haɗin kalsiyam ne da kabonet. Saboda haka ɗalibi amsa biyu yake nema, ƙarfe ɗaya da abokin zamansa ɗaya. Idan ya samu su, ya haɗa sunayen, ya gama.

Wannan lissafi yana tafiya daidai ne muddin abu ɗaya ne a cikin kwalbar. Labarin da ke tafe, wanda aka tsara domin misali, na wata ɗaliba ce 'yar shekarar farko a jami'a, wadda kwalbarta ta ba ta amsa huɗu a inda take jiran biyu.

Gwaje-gwajen farko

An ba ɗalibar giram 5 na wani farin gari marar wari. Farin launin kansa bayani ne, domin gishirin tagulla galibi shuɗi ne ko kore, na baƙin ƙarfe kuma kore-kore ne ko ruwan ƙasa. Ta rubuta cewa da wuya a samu waɗannan a ciki, ta wuce. Abin da ba ta tsaya ta duba ba shi ne yanayin garin: akwai 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli da ke gangarowa daga cokalin ɗiba, akwai kuma wata lallausar ƙura marar ƙyalli da ke mannewa a jikinsa.

Gwaji na biyu shi ne na narkewa. Ta auna rabin giram, ta zuba a mililita 10 na tsarkakakken ruwan ɗakin gwaji, wanda ake samu ta hanyar tafasa ruwa a tara tururinsa. Ta girgiza, ruwan ya yi fari-fari. Bayan 'yan mintoci sai wata farar laka ta kwanta a gindin kwalbar, saman ya washe. Ta rubuta a littafinta cewa garin yana narkewa kaɗan. Wannan jimla ita ce tushen duk ruɗanin da ya biyo baya, ko da yake a lokacin babu abin da ya nuna haka.

Daga nan ta zuba busasshen garin a kwalbar gwaji ta kara a wuta. Ya yi ta 'yar ƙara ƙas-ƙas, amma bai canza launi ba, kuma babu raɓar ruwa da ta taru a bakin kwalbar.

Sai gwajin harshen wuta. Ana tsoma siririyar waya mai tsabta a cikin asid, a dangwali garin, a sa a gefen shuɗin harshen murhun Bunsen. Kowane ƙarfe da launin da yake bai wa wuta: sodiyam rawaya, fotasiyam ruwan shanshanbale mai haske, kalsiyam ja mai kama da launin jan bulo, tagulla kore mai sirkin shuɗi. Da ta sa wayarta, wutar ta koma rawaya sosai, kuma ta daɗe a haka. Ta rubuta sodiyam ba tare da wata shakka ba.

Na ƙarshe a wannan zagaye shi ne ɗiga asid. Ta ɗiga tsarmammen asid na HCl a kan garin, nan take ya hau kumfa, wata iska marar launi marar wari ta fito, garin kuma ya narke tas. Ta bi da iskar ta cikin tataccen ruwan Ca(OH)₂, ruwan ya gurɓace ya yi fari. Wannan ita ce shaidar iskar CO₂, wadda ke nuna akwai kabonet. Ga sodiyam, ga kabonet. Cikin ƙasa da awa guda ta samu amsarta: sodiyam kabonet, Na₂CO₃, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin kanwa.

Inda amsar ta fara rushewa

Ƙa'idar aikin ita ce, duk amsar da aka samu sai an koma an gwada ta da dukkan abin da aka gani tun farko. A nan ne matsala ta ɓullo. Sodiyam kabonet yana narkewa sosai, sama da giram 20 a mililita 100 na ruwa a zafin ɗaki. Da shi ne a kwalbar, da rabin giram ya ɓace a mililita 10 ba tare da barin ko ɗigo ba. Na biyu, ruwan da ya narke a ciki yana da kaifi irin na ruwan toka. A ma'aunin pH, inda 7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka asid, sama da haka kuma alkalin, ruwan sodiyam kabonet yana kaiwa wajen 11. Da ta tsoma takardar awo a nata ruwan, sai ta samu tsakanin 8 da 9.

Ta koma tunanin ɗan uwansa, sodiyam baikabonet, NaHCO₃, wanda ake sa wa kek da cincin don su tashi. Shi ma yana da sodiyam, yana kumfa da asid, kuma ruwansa yana tsayawa kusa da 8.3 a ma'aunin. Da farko ya yi kama da mafita. Amma shi ma giram 9 zuwa 10 nasa na narkewa a mililita 100, wato rabin giram ba zai bar laka a mililita 10 ba. Bugu da ƙari, da zarar ya ji wuta yakan saki ruwa da iskar CO₂, a ga raɓa a bakin kwalba. Ita kuwa ba ta ga raɓa ba.

Don ta tabbatar babu wani abu da ta tsallake, sai ta tsiyayi ruwan da ya washe a saman lakar, ta ɗiga masa tsarmammen asid na HNO₃. Bai yi kumfa ba. Wannan abin mamaki ne, domin in da kabonet ɗin ya narke a ruwan, da ya yi kumfa kamar yadda busasshen garin ya yi. Ta ƙara ɗigon silba naitiret, AgNO₃. Nan da nan wani farin abu ya sauka guda-guda kamar kindirmo. Ta raba shi biyu. Kashi ɗaya ta zuba masa ruwan amoniya, ya narke. Ɗayan ta ajiye a bakin taga, ya fara dusashewa zuwa ruwan toka saboda haske. Waɗannan alamu uku tare shaida ce ta kulorayid.

Yanzu ɓangaren asid ya zama biyu, kabonet da kulorayid. In sodiyam kulorayid ne, to gishirin miya ba ya kumfa da asid, kuma kusan giram 36 nasa na narkewa a mililita 100. In kabonet ne, daga ina kulorayid ya fito?

Zargin datti

Abin da ɗalibar ta fara zargi shi ne hannunta, kuma ta yi daidai da ta fara da shi. Gwajin silba naitiret ba ya ƙyale ko ɗan kaɗan na kulorayid, kuma kulorayid ya cika ɗakin gwaji. Yana cikin ruwan famfo, yana cikin gumin yatsa, yana cikin asid na HCl da ta yi amfani da shi minti kaɗan da suka wuce. Kwalbar da ba a ɗauraye ta da kyau ba za ta iya ba da irin wannan sakamako ko da garin ba shi da kulorayid.

Hanyar raba gardama a nan ita ce gwajin banza, wato a yi duk matakan ba tare da garin ba. Ta ɗauko sababbin kwalabe biyu, ta ɗauraye su sau uku da tsarkakakken ruwa. A ta farko ta zuba ruwa zalla, a ta biyu ruwan da aka jiƙa garin. Ta ɗiga asid na HNO₃ da silba naitiret a kowace. Ta farko ta tsaya garau. Ta biyu ta cika da farin guda-guda. Yawan abin da ya sauka ma bayani ne: datti yakan sa ruwa ya ɗan yi hazo ne kawai, ba ya cika gindin kwalba. Kulorayid ɗin na garin ne, kuma yana da yawa.

Gwajin da ya ƙara dagula lamarin shi ne na sodiyam haidiroksayid, NaOH, wanda ake amfani da shi wajen neman ƙarafa. Da ta ɗiga shi a ruwan da aka jiƙa garin, babu abin da ya faru. Da ta ɗiga shi a ruwan asid ɗin da garin ya narke gaba ɗaya a ciki, bayan asid ɗin ya mutu, sai farar laka ta sauka, kuma ba ta narke ba duk da an ƙara NaOH mai yawa. Lakar alminiyam da ta zin da ta darma duk suna sake narkewa idan aka ƙara. Wadda ba ta narkewa tana nuna kalsiyam ko magniziyam. Sodiyam kuwa ba ya saukar da laka ko kaɗan a wannan gwaji.

Ga gari ɗaya, ga gwaji ɗaya, amma amsa biyu, gwargwadon ko da ruwa aka narka shi ko da asid. Littafinta yanzu yana ɗauke da ƙarfe biyu da ɓangaren asid biyu. Ta maimaita gwaje-gwajen har garin ya kusa raguwa zuwa rabi, kowane yana dawo da amsarsa ta farko.

Tambayar da ta buɗe hanya

Da ta kai littafin wajen malamin da ke kula da ɗakin, bai faɗa mata amsa ba. Ya sa yatsa a kan layin da ta rubuta cewa garin yana narkewa kaɗan, ya tambaye ta yadda aka yi ta san haka. Ta ce ta ga laka ta rage. Sai ya ce ta je ta bincika ko lakar da ta rage iri ɗaya ce da abin da ya narke.

Laka a gindin kwalba tana iya nufin abu biyu mabambanta. Tana iya nufin gishiri ɗaya ne wanda ruwa ba ya ɗaukarsa da yawa, kamar kalsiyam salfet, wanda wajen giram 0.2 kawai ke narkewa a mililita 100. Tana kuma iya nufin abu biyu ne, ɗaya ya narke ƙaf, ɗaya bai narke ba sam. A ido duk ɗaya ne, amma akwai gwaji mai sauƙi da ke bambance su. In gishiri ɗaya ne, duk lokacin da aka tsiyaye ruwan aka zuba sabo, sabon zai ɗauki daidai abin da na farko ya ɗauka, lakar kuma ta riƙa raguwa a hankali. In cakuɗe ne, ruwan farko zai kwashe mai narkewar duka, na gaba su fito kusan fayau, lakar kuma ta tsaya yadda take.

Ɗalibar ta jiƙa rabin giram a mililita 10, ta tsiyaye, ta zuba sabon ruwa, ta sake tsiyayewa, har sau uku. Ta ɗiga ɗigo ɗaya daga kowane ruwa a kan faifan gilashi ta busar. Ɗigon farko ya bar farin zobe mai kauri. Na biyu ya bar ɗan tabo, daga ragowar ruwan farko da ya maƙale a lakar. Na uku da ƙyar ake ganin wurinsa. Lakar kuwa tana nan yadda take. Da ta sa zoben farko a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sai ta ga ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, daidai siffar da gishirin miya yake ɗauka idan ya bushe a hankali.

Rabawa da awo

Da zarar an gane cewa abu biyu ne, ɗaya mai narkewa ɗaya marar narkewa, sauran aikin tacewa ne. Ta auna giram 2.00 daga ragowar garin, ta zuba a mililita 20 na tsarkakakken ruwa, ta motsa na 'yan mintoci. Ta auna nauyin takardar tacewa tukuna, ta naɗe ta a mazurari, ta juye. Ruwan ya tsiyaye garau, lakar ta tsaya a takarda.

Matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa shi ne wanke lakar. Jiƙaƙƙiyar laka tana riƙe da ruwan gishiri a tsakanin ƙwayoyinta, kuma wannan ɗan ruwan ya isa ya ɓata duk gwajin da za a yi mata. Ana wanke ta ne da tsarkakakken ruwa kaɗan-kaɗan, ana tara ruwan wankin a haɗa da na farko. Alamar cewa wanki ya isa ita ce a ɗauki ɗigon da ke fitowa daga mazurari a gwada shi da silba naitiret, ya ƙi yin hazo. A wajenta sai a wanki na huɗu aka kai nan.

Ta busar da lakar a tanda mai zafin digiri 105 a ma'aunin Salsiyos, ta auna, ta cire nauyin takardar: giram 0.59. Ruwan da ya tsiyaye, bayan ta gama ƙafe shi a kasko a kan wuta marar ƙarfi, ya bar giram 1.38 na farin gishiri. Jimla giram 1.97. Giram 0.03 da ya ɓace ya tafi ne a jikin kofi da tartsatsin gishiri lokacin ƙafewa, kuma asara ce da ake sa rai a irin wannan aiki. Ke nan kusan kashi 30 cikin ɗari na garin laka ne, kashi 70 kuma mai narkewa.

Sai ta maimaita gwaje-gwajen a kan kowane kashi daban, kuma a wannan karo babu wanda ya saɓa wa wani. Kashin da ya narke ya ba da wuta rawaya, ya ba da kulorayid, bai yi kumfa da asid ba, bai saukar da komai da NaOH ba. Gishirin miya ne, NaCl. Shi ne kuma mai ƙarar ƙas-ƙas a wuta, domin ƙwayoyinsa kan fashe idan ɗan ruwan da ya maƙale a cikinsu ya zama tururi. Lakar ta yi kumfa da asid, ta narke, ruwanta ya saukar da farar laka da amoniyam okzalet, kuma da aka sa ta a wuta sai ga jan launin bulo. Magniziyam ba ya bai wa wuta launi, saboda haka kalsiyam ne. Lakar kalsiyam kabonet ce, CaCO₃, wanda abin da ke narkewa nasa a mililita 100 bai kai giram 0.002 ba. Wannan ɗan abin ne ya ɗaga ma'aunin pH zuwa tsakanin 8 da 9, amma bai isa ya sa ruwan ya yi kumfa da asid ba.

Dalilin da wuta ta ɓoye kalsiyam

Abin lura shi ne babu gwaji ko ɗaya da ya yi ƙarya. Kowanne ya amsa tambayar da aka yi masa, kuma tambayar kullum ita ce ko akwai abu kaza a ciki. Babu wanda aka tambaya ko abu kaza ne kaɗai a ciki. Wutar ta ce akwai sodiyam, kuma akwai. Asid ya ce akwai kabonet, kuma akwai. Ɗalibar ce ta ɗaura musu aure, alhali kowanne da nasa abokin zama.

Gwajin harshen wuta shi ya fi saurin jawo irin wannan kuskure. Hasken sodiyam yana fitowa ne a zango ɗaya, wajen nanomita 589, inda idon mutum yake gani sosai, kuma sodiyam kaɗan ya isa ya rina wutar duka. Ko wayar da aka taɓa da yatsa takan ba da rawaya na ɗan lokaci. Jan kalsiyam yana cikin wutar tun farko, rawayan ne ya danne shi. Saboda haka ake ajiye shuɗin gilashin kobal a ɗakunan gwaji, domin yana tare rawayan sodiyam a iya ganin launin da ke bayansa, musamman na fotasiyam. Wannan matsala ta launi ya rufe launi tana cikin abin da Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka magance a Heidelberg ta ƙasar Jamus a 1859 da 1860, da suka bi da hasken wutar ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken kowane ƙarfe ya fito a layinsa daban. Da wannan hanya suka gano sababbin ƙarafa biyu, siziyam a 1860 da rubidiyam a 1861.

Tambaya ta ƙarshe: wa ke tare da wa

Akwai sauran ƙulli ɗaya da tacewa kaɗai ba ta kwance shi. Sodiyam, kalsiyam, kulorayid da kabonet suna iya haɗuwa ta hanya biyu. Ana iya samun NaCl da CaCO₃, ana kuma iya samun Na₂CO₃ da CaCl₂. Matsalar ita ce, idan aka zuba na biyun a ruwa, sukan yi musanya nan take:

Na₂CO₃ + CaCl₂ → CaCO₃ + 2NaCl

Wato abin da za a samu a takardar tacewa da cikin kasko iri ɗaya ne a duka halin biyu. Mai yiwuwa ruwan da ɗalibar ta zuba ne ya haifar da abin da ta gano.

Awon da ta yi ne ya taimaka a nan. A wannan musanya, duk giram 100 na CaCO₃ yana fitowa ne tare da giram 117 na NaCl. Laka mai nauyin giram 0.59 za ta zo da kusan giram 0.69 na gishiri. Ita kuwa ta samu giram 1.38, ninki biyu. In da rarar daga sodiyam kabonet ko kalsiyam kulorayid take, da an ga kabonet ko kalsiyam a ruwan da ya tsiyaye, kuma ba a ga ko ɗaya ba. Busasshen garin ma ya ƙara shaida. Kalsiyam kulorayid yana zuƙar danshi daga iska har ya jiƙe, yana kuma ɗumama ruwa idan yana narkewa. Nata garin ya yini a buɗe bai dunƙule ba, kuma ƙwayoyin nan masu ƙyalli da kusurwa huɗu suna cikinsa tun kafin ruwa ya taɓa shi. Ta rubuta a rahotonta cewa garin cakuɗe ne na NaCl kusan kashi 70 da CaCO₃ kusan kashi 30. Malamin ya nuna mata takardar haɗi: awo bakwai na gishiri, uku na kalsiyam kabonet. Da gangan ya cakuɗa wa wasu ɗalibai, kuma takardar aikin ba ta taɓa cewa gishiri ɗaya ne ba. Farin gari kawai ta ce.

Alamomin cakuɗe da iyakar tacewa

Daga wannan labari ana iya fitar da alamomin da ke nuna cewa abu fiye da ɗaya ne a kwalba. Ta farko ita ce wani sashe ya narke, wani ya ƙi, ƙarin ruwa kuma bai rage lakar ba. Ta biyu ita ce busasshen gari ya ba da wata amsa, ruwansa ya ba da wata. Ta uku ita ce a samu ƙarfe biyu ko ɓangaren asid biyu, kowanne da ƙarfinsa, bayan gwajin banza ya wanke kayan aiki daga zargi. Ta huɗu, wadda ta fi kowace arha, ita ce a ga siffar ƙwayoyi iri biyu a ƙarƙashin gilashin ƙara girma.

Alama ta uku tana buƙatar hattara, domin akwai sinadarai na gaskiya masu ɓangare fiye da biyu. Alif ɗin da ake tace ruwa da shi yana da alminiyam tare da fotasiyam ko amoniyam, kuma abu ɗaya ne. Bambancin shi ne irin wannan sinadari ba ya rabuwa kashi biyu a takardar tacewa, kuma yawan ɓangarorinsa ba ya canzawa daga wannan ɗiba zuwa waccan. Cakuɗe kuwa, in ba a gauraya shi sosai ba, cokalin sama da na ƙasa sukan bambanta.

Tacewa ma ba kowane cakuɗe take rabawa ba. Ta yi aiki a nan ne saboda ɗaya na narkewa, ɗaya ba ya narkewa. Da gishirin miya ne da amoniyam kulorayid, duka biyun za su narke, sai dai a raba su da wuta, domin amoniyam kulorayid yana tashi sama ya sake daskarewa a sashen kwalba mai sanyi, gishirin miya kuma ya zauna a ƙasa. Da gishirin miya ne da fotasiyam kulorayid, babu laka, babu kumfa, babu saɓani tsakanin gwaje-gwaje, kuma wanda bai duba wuta ta shuɗin gilashi ba zai rubuta NaCl ya tafi da rabin amsa. Cakuɗen da ya ruɗa ɗalibi ya fi sauƙin kamawa a kan wanda ya ba shi amsa mai santsi.

A wajen ɗakin karatu, cakuɗe shi ne abin da aka fi samu. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga ba sinadari ɗaya ba ce: akwai sodiyam kabonet da baikabonet, akwai gishirin miya, akwai salfet, akwai yashi da laka, kuma yawansu ya bambanta daga wannan wuri zuwa wancan. Gishirin leda ma ana ƙara masa aidin, wasu kamfanoni kuma suna sa masa ɗan garin da ke hana shi dunƙulewa, shi ya sa wani lokaci ruwansa kan yi ɗan hazo. A jarrabawar gwaji ta kammala sakandare, irin ta WAEC da NECO, an sha faɗa wa ɗalibai tun a takardar tambaya cewa garin cakuɗe ne, a umurce su su zuba ruwa, su tace, su gwada ruwan da lakar daban-daban. Wanda ba a faɗa masa ba, shi ma da wannan mataki ya kamata ya fara: duk garin da ya bar laka a ruwa, a tace shi a wanke lakar kafin a kai shi ga wuta ko a ɗiga masa asid.